Tsohuwar maƙala ta daina kawo masu karatu: a gyara ta, a haɗe ta, ko a goge ta?

"Assalamu alaikum Malam. A 2021 na rubuta maƙala a kan yadda ake mayar da hirarrakin WhatsApp zuwa sabuwar waya. Bara warhaka tana kawo mini mutum kusan 3,000 a wata daga Google, yanzu da ƙyar take kai 700. Ina da wasu guda uku masu alaƙa da ita: ɗaya a kan canza waya ba tare da an rasa saƙonni ba, ɗaya a kan komawa daga Android zuwa iPhone, sai wata gajeruwa da na yi ranar da WhatsApp ya ɗauke a Oktoban 2021. Wani abokina ya ce in sauya kwanan watan kawai, wani kuma ya ce in goge ƙananan duka. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna, domin dukansu magani ne da aka rubuta kafin a duba mara lafiya. Raguwar masu shigowa alama ce kawai, kuma abubuwa daban-daban suna haifar da ita, waɗansu gyaran rubutu yana maganinsu, waɗansu kuwa ko da za ka sake maƙalar daga farko har ƙarshe ba za su motsa ba. Saboda haka aikin farko shi ne a gano wace irin faɗuwa ce, kuma wannan ba ya ɗaukar fiye da rabin awa idan shafinka yana haɗe da Google Search Console.

Gano irin faɗuwar

Ka shiga rahoton Performance, ka tace shi da adireshin maƙalar kaɗai, sannan a wajen zaɓen lokaci ka danna Compare, ka kwatanta watanni uku na baya-bayan nan da takwarorinsu na bara. Dalilin da ya sa nake kwatantawa da bara maimakon watanni ukun da suka gabata shi ne, batutuwa da yawa suna da lokacinsu a shekara, kuma wanda ya kwatanta lokacin da ake neman abu da lokacin da ba a nemansa zai ga faɗuwar da babu ita. Search Console yana riƙe da bayanan watanni 16 ne kawai, don haka abin da ya wuce haka ya tafi, sai dai idan ka taɓa sauke shi ka adana. Tunda naka ya faru a cikin shekara guda, kana da abin da kake buƙata.

Lambobi huɗu za ka gani, kuma dole a karanta su tare. Impressions shi ne sau nawa maƙalar ta bayyana a sakamakon nema, Clicks shi ne sau nawa aka danna ta, CTR shi ne kason waɗanda suka danna daga cikin waɗanda aka nuna wa, Position kuma matsakaicin matsayinta ne a jerin sakamakon. Daga abin da ka faɗa, dannawar watanni uku ta sauko daga kusan 9,000 zuwa 2,100. Abin da ya rage shi ne a ga yadda sauran ukun suka yi.

Mu ɗauka ka tarar bayyanar ta tashi daga 90,000 ta koma 84,000, wato kusan tana nan yadda take, amma matsayi ya sauko daga kusan na uku zuwa na bakwai, kason dannawa kuma ya faɗo daga kashi 10 cikin ɗari zuwa kashi biyu da rabi. Ma'anar wannan ita ce mutane suna nan suna neman abin kamar da, Google ma bai daina nuna ka ba, waɗansu ne kawai suka sha gabanka. Wannan ita ce faɗuwar da gyara yake yi wa amfani, kuma ita na fi zaton ta same ka, saboda dalilin da zan zo kansa.

Akwai kuma yanayin da za ka ga matsayi bai motsa ba, kason dannawa ma bai motsa ba, amma bayyanar ce ta zube, a ce daga 90,000 zuwa 20,000. A nan maƙalarka ba ta yi laifin komai ba, masu neman abin ne suka ragu. Ka tabbatar ta hanyar saka babbar kalmar neman a Google Trends ka duba shekaru biyar. Idan layin yana gangarawa a hankali shekara bayan shekara, to ka san iyakar abin da za ka samu, kada ka ɓata mako guda a kan abin da kasuwarsa ta watse.

Yanayi na uku shi ne wanda ya fi ba mutane haushi: bayyana tana nan, matsayi yana nan, amma dannawa ta ragu. Abin da ke jawo shi yawanci yana kan shafin sakamakon ne. Ka buɗe burauza a yanayin sirri ka rubuta kalmar neman da hannunka, a waya ba a kwamfuta kaɗai ba, ka dubi abin da ke saman sunanka. Wataƙila Google ya ɗora akwatin amsa a can sama, ko jerin bidiyo, ko tallace-tallace, ta yadda wanda yake na uku a lissafi sai an gangara sosai kafin a gan shi. Wani lokaci kuma kanun maƙalar ne yake korar mutane, musamman idan akwai "2021" a jikinsa alhali na kusa da kai suna ɗauke da shekarar da ake ciki.

Kafin ka bar wannan rahoton, ka cire tacewar ka dubi shafin gaba ɗaya. Idan duk maƙalolinka sun faɗi tare a mako ɗaya, matsalar ta fi ƙarfin maƙala guda, sai ka duba ko ranar ta zo daidai da ɗaya daga cikin manyan sauye-sauyen da Google yake yi wa tsarin jera sakamako, waɗanda yake sanar da ranakunsu a Search Status Dashboard, ko kuma ta zo daidai da wani aiki da aka yi a shafin. Siffar layin ma tana magana. Faɗuwar da ta zo dare ɗaya, kamar an yanka da wuƙa, ta fi kama da matsalar na'ura, misali alamar noindex, mai hana Google nuna shafi, da ta shiga bisa kuskure, ko adireshin da ya canza, kuma URL Inspection na Search Console zai nuna maka wannan cikin minti ɗaya. Wadda ta zo sannu a hankali cikin watanni ita ce ta tsufan rubutu.

Wata 'yar gargaɗi game da Position: matsakaici ne na dukkan kalmomin da aka nemo maƙalar da su, saboda haka yana iya yaudara. Maƙala tana iya zama ta ɗaya a babbar kalmarta, amma ta fara bayyana a matsayi na hamsin a wasu sababbin kalmomi, sai matsakaicin ya lalace alhali babu abin da ta rasa. Shi ya sa hukuncin gaskiya yake a ɓangaren Queries, inda za ka ga kowace kalmar nema da nata lambobin. Ka jera su bisa bambancin dannawa tsakanin lokutan biyu. Sau da yawa za ka tarar kalmomi uku ko huɗu ne suka ɗauke kusan duk asarar, kuma su ne za su gaya maka abin da za ka gyara.

Abin da ya tsufa a babbar maƙalar

Dalilin da ya sa na ce na fi zaton gyara ne maganinka shi ne, batun da ka rubuta a kai ya canza sosai bayan 2021. A lokacin, hanyar da mai Android yake bi ita ce ya adana hirarrakinsa a Google Drive, ya saka lambarsa a sabuwar waya, ya dawo da su. A 2023 WhatsApp ya kawo hanyar tura hirarraki kai tsaye tsakanin wayoyi biyu masu tsari iri ɗaya, inda ake ɗaukar hoton lambar QR, kuma tana ƙarƙashin Settings, Chats, Transfer chats. Sannan daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ta fara shiga cikin lissafin gigabait 15 da Google yake bai wa kowane asusu kyauta, alhali a da ba a lissafa ta. Idan maƙalarka tana cewa ajiyar ba ta cin wuri, to yau tana faɗin abin da ba haka yake ba, kuma mai karatun da ajiyarsa ta ƙi kammaluwa saboda asusunsa ya cika ba zai sami amsarsa a wurinka ba. Zai koma baya ya danna na wani.

Hanyar da nake bi wajen irin wannan gyara ita ce in ɗauki wayoyi biyu in bi matakan da maƙalar ta lissafa ɗaya bayan ɗaya, kamar ban taɓa saninsu ba, ina rubuta duk inda abin da ke kan allo ya saɓa da abin da ke rubuce. Aiki ne mai gajiyarwa, amma babu abin da yake maye gurbinsa, domin karatu da ido kawai ba ya kama maɓallin da aka sauya wa suna ko aka mayar wani wuri. Hotunan allo su ne suka fi saurin tsufa, kuma mai karatu yana gane tsohon hoto tun kafin ya karanta layi ɗaya, sai ya yanke hukunci a kan sauran. Ka sake ɗaukar su duka. Ka bi kowane linki da ke ciki ka ga ko yana kai wa inda ya kamata.

Bayan haka sai ka buɗe maƙaloli uku ko huɗu da suka sha gabanka. Manufar ita ce ka gane wace tambaya suke amsawa wadda kai ba ka amsa ba, kuma da me suke farawa. Ban ce ka ƙirga kalmominsu ka ninka ba. Google da kansa ya faɗa cewa ba shi da wani adadin kalmomi da yake fifitawa, kuma na sha ganin maƙalar da aka kumbura da ƙarin sakin layi goma ta ƙara faɗuwa, saboda amsar da a da take a saman shafi ta nutse a tsakiya. Idan duk waɗanda ke sama sun fara da hanyar QR, alama ce ta cewa ita mutane suke nema yanzu, sai ka ɗaga ta sama, hanyar Google Drive ta koma ta biyu, ga wanda tsohuwar wayarsa ta ɓata ko ta lalace.

Akwai abin da ba a taɓawa, kuma a nan ne na taɓa yin kuskuren da har yanzu nake tunawa. Wata maƙala ce ta wani shafi da nake kula da shi, mai bayanin yadda ake saita wata manhaja. Na sake rubuta ta tsaf, kuma a cikin sharar da na yi na cire wani ɗan sashe na ƙarshe, sakin layi biyu a kan wani saƙon kuskure da yake fitowa, don a ganina bai dace da tsarin ba. Bayan 'yan makonni babbar kalmar ta ɗan hau, amma jimillar dannawa ta ƙara sauka. Da na koma Queries sai na ga ashe wani kaso mai tsoka na masu shigowa suna rubuta ainihin wannan saƙon kuskuren ne a Google, kuma sakin layin nan biyu ne suke kawo su. Na mayar da sashen, amma sai da aka ɗauki lokaci kafin ya dawo matsayinsa. Tun daga ranar, kafin in taɓa kowace maƙala sai na sauke jerin kalmomin nemanta, na sa alama a gefen kowane sashe da yake da kalmar da ke kawo mutane. Wanda yake da alama ana gyara shi, ba a cire shi.

Haka kuma adireshin maƙalar ba a canza shi. Duk linkin da wasu shafuka suka yi maka cikin shekarun nan a kan wannan adireshin suke, kuma babu ribar da za ka samu wajen sauya shi don ya yi kyau a ido. Ko da akwai 2021 a cikinsa, ni zan bar shi, in gyara kanun kawai.

Game da shawarar abokinka na farko: sauya kwanan wata ba tare da an sauya abin da ke ciki ba yana cikin abubuwan da Google ya ambata a jagorarsa a matsayin alamar rubutun da aka yi don injin nema maimakon mutane. Ko a bar batun Google, mai karatun da ya ga kwanan watan bana ya shiga ya tarar da tsofaffin hotunan 2021 ya san an yaudare shi. Idan ka gama gyara na gaske, to ka rubuta ranar sabuntawa a fili, ka bar ranar wallafa ta asali, kuma yana da kyau ka ƙara layi ɗaya da ke faɗin abin da aka sauya.

Haɗewa: wacce da wacce

Ƙa'idar da nake amfani da ita ita ce a dubi tambayar da ke ran mai nema. Idan maƙaloli biyu suna amsa tambaya ɗaya ga mutum ɗaya, a haɗe su. Idan kalmominsu ne kawai suka yi kama amma matsalar mutanen ta bambanta, a bar kowace a gidanta.

Maƙalarka ta "canza waya ba tare da an rasa saƙonni ba" da babbar maƙalar, a ganina abu ɗaya suke faɗa da kanu biyu. Amma kada ka tsaya a ganina, akwai hanyar tabbatarwa. A Performance, ka tace da babbar kalmar nema maimakon adireshi, sannan ka buɗe ɓangaren Pages. Idan adireshin biyu suka fito suna raba bayyanar, kuma da ka duba mako-mako sai ka ga yau wannan ce a sama gobe waccan, to Google ya rasa wadda zai tsayar, kuma linkin da ya kamata ya taru a wuri ɗaya ya rabu biyu. Fitowar adireshi biyu kaɗai ba laifi ba ne. Idan ɗaya tana matsayi na biyu ɗaya tana na uku, kuma dukansu suna samun dannawa, ka bar su, ka ci riba biyu. Matsalar tana nan ne inda suke musayar wuri a ƙasa, babu wadda ta kafu.

Idan ka yanke shawarar haɗewa, wadda za ta rayu ita ce wadda ta fi linki daga wasu shafuka da tarihin dannawa, ko da ɗayar ta fi ta kyawun rubutu, domin rubutu ana iya ɗauko shi amma tarihin adireshi ba a ɗauko shi cikin sauƙi. Rahoton Links zai nuna maka shafukanka da aka fi yi wa linki daga waje. A naka, kusan tabbas babbar ce. Sai ka karanta ƙaramar da alƙalami a hannu, ka ɗebo abin da take da shi wanda babbar ba ta da shi, ka saka shi inda ya dace. Kada ka manna ta gaba ɗaya a ƙasa, domin hakan yana haifar da maƙala mai gabatarwa biyu da matakai iri ɗaya sau biyu.

Daga nan sai turawa. Tsohon adireshin ƙaramar dole ya riƙa kai mutane zuwa babbar da lambar 301, wadda take shaida wa burauza da injin nema cewa an ƙaura ke nan har abada. Idan sabar shafinka Apache ce, layi ɗaya a fayil ɗin .htaccess ya isa:

```
Redirect 301 /canza-waya-whatsapp/ https://example.com/mayar-da-hirarraki/
```

Masu WordPress suna iya yin haka da ƙarin manhaja irin su Redirection ba tare da sun taɓa fayil ba. Ko ta wace hanya ka bi, ka gwada:

```
curl -I https://example.com/canza-waya-whatsapp/
```

Abin da kake so ka gani shi ne 301 a layin farko, da sabon adireshin a gaban location. Idan ka ga 302, turawar ta wucin gadi ce, sai ka gyara. Bayan haka ka bi sauran maƙalolinka ka sauya duk linkin da ke nuna tsohon adireshin ya koma sabon kai tsaye, ka kuma tabbata tsohon ya fita daga taswirar shafin, wato fayil ɗin sitemap.xml. Google yana ba da shawarar a bar turawa aƙalla shekara guda. Ni ba na cire ta sam, tunda ba ta cin komai kuma akwai mutanen da suka adana tsohon linkin.

Ita kuwa ta Android zuwa iPhone, kada ka haɗe ta, duk da cewa rabin kalmominsu iri ɗaya ne. Ajiyar da aka yi a Google Drive ba ta buɗuwa a iPhone, domin shi da iCloud yake aiki, saboda haka duk matakan babbar maƙalar ba su da amfani ga wannan mutumin. Hanyarsa ita ce manhajar Move to iOS, wadda ta fara ɗaukar hirarrakin WhatsApp a 2022, kuma tana buƙatar iPhone ɗin ya kasance sabo ko wanda aka goge aka mayar yadda ya fito. Mutum ne daban mai matsala daban, kuma idan ka cusa amsarsa a tsakiyar doguwar maƙala, za ka rasa kanun da yake kiransa kai tsaye. Ka gyara ta ita ma da wayoyi a hannu, sannan ka sa layi a saman kowace da ke tura mai karatu zuwa ɗayar idan ya shigo ba daidai ba.

Gogewa

Saura gajeruwar ta ranar 4 ga Oktoba 2021, lokacin da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Wannan labari ne na rana ɗaya, kuma rashin masu karanta shi yau ba ciwo ba ne, aikinsa ya gama. Ra'ayin cewa goge tsofaffin rubuce-rubuce da yawa yana ɗaga sauran shafin ya yaɗu ƙwarai, amma Google ya bayyana cewa tsufa kaɗai ba dalilin gogewa ba ne, kuma a jagorarsa ta manyan sauye-sauye ya ce gogewa ita ce matakin ƙarshe, ga abin da ba ya gyaruwa. Maƙala ɗaya gajeruwa mai faɗin gaskiya game da abin da ya faru ba ta jan shafinka ƙasa.

Kafin in goge komai, ina duba ko wani shafi na waje ya yi mata linki, ko mutane suna shigo mata ta wata hanya ban da Google, da kuma ko abin da ke cikinta zai iya cutar da wanda ya karanta yau. Na biyun ana mantawa da shi sosai, domin Search Console ba ya ganin wanda ya shigo daga linkin da aka tura masa a saƙo ko imel, sai ka duba manhajar ƙidayar maziyarta. Na ukun shi ne dalili mafi ƙarfi na gogewa: rubutun da yake koyar da hanyar da ta daina aiki, ko yake tura mutane su sauke wata manhaja da ba a yarda da ita ba, kuma ba ka da niyyar gyara shi. Labarin ɗaukewar ba ya cikin wannan rukunin. Da nawa ne zan bar shi, da kwanan watansa a fili. Idan ba ka so ya riƙa fitowa a sakamakon nema amma kana so ya zauna a ma'ajiyar shafin, alamar noindex tana yin wannan.

Idan kuma ka ga lallai sai ka goge, to ka bar adireshin ya riƙa ba da 404 ko 410. Bambancinsu a aikace kaɗan ne, dukansu suna sa a cire shafin daga sakamako. Abin da ba za ka yi ba shi ne tura shi zuwa shafin farko ko zuwa babbar maƙalar don kada a yi asara. Wanda ya danna linkin labarin ɗaukewar sabis ya tsinci kansa a bayanin canza waya bai samu abin da ya zo nema ba, Google kuma yana ɗaukar irin wannan turawar da ba ta dace ba a matsayin soft 404, wato kamar shafin babu shi. Ana turawa ne kawai inda sabon wurin yake amsa tambayar da tsohon yake amsawa.

Bayan an gama

Ka rubuta ranar da ka yi kowane sauyi da abin da ka sauya, ka kuma adana kwafin tsohon rubutun. Da son samu ne ka raba aikin biyu, ka fara gyaran babbar maƙalar, ka jira makonni uku ko huɗu, sannan ka yi haɗewar, domin idan ka yi su rana ɗaya kuma lambobin suka motsa, ba za ka san wanne ne ya motsa su ba. Bayan kowane mataki ka saka adireshin a URL Inspection ka danna Request indexing sau ɗaya. Maimaita dannawa ba ya ƙara sauri.

Kada ka yanke hukunci a makon farko, domin matsayi yakan yi ta hawa da sauka bayan an taɓa shafi. Ka jira kwana 28 ka kwatanta su da kwana 28 na kafin gyaran, kuma ka dubi kalmomin nan uku ko huɗu da suka ɗauke asarar maimakon jimilla. Matsayi ne yake fara motsawa, dannawa ta biyo baya. A misalin da muka ɗauka, idan babbar kalmar ta tashi daga na bakwai zuwa na huɗu, aikin ya kama hanya ko da dannawar ba ta kai rabin ta da ba tukuna.

Ban yi maka alkawarin komawa 3,000 ba. A batu irin naka, shafin taimako na WhatsApp da kansa yana cikin waɗanda kake gogayya da su, kuma wani kaso na masu nema bidiyo suke so, ba rubutu ba. Idan bayan wata biyu zuwa uku matsayin bai motsa ba alhali rubutun ya yi daidai da abin da ke kan waya yau, to saura linki. Ka duba maƙaloli nawa ne a shafinka suke nuna wannan, domin maƙalar 2021 yawanci ta nutse a shafi na goma na ma'ajiya, babu sabon rubutun da yake ambatonta. Ka nemo biyar ko shida daga cikin waɗanda suka fi samun masu karatu kuma suke da alaƙa da waya ko WhatsApp, ka saka linkinta a cikin jikin rubutunsu, da kalmomin da suke bayyana abin da za a tarar idan an danna.